"An Samu Kuskure": Wa Ya Samo Shi?

Yau kan wata 'yar ƙaramar kalma za mu tsaya, wato "an", ita da 'yan uwanta: aka, ana, ake, akan, za a, ba a, da kuma "a" ta umarni. Duk wanda ke karɓar imel na aiki da Hausa, ko a makaranta ko a ƙungiya ko a ofis, ya san yadda ake fakewa a bayanta. An samu jinkiri. Ba a tura takardar ba. Za a duba. Ka karanta saƙo tun daga sallama har zuwa "na gode", ka ga an yi ayyuka biyar ko shida, amma babu mutum ko ɗaya a cikinsa.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a kori "an" daga rubutun aiki gaba ɗaya. Wannan shawara ce da aka ɗauko daga littattafan koyon rubutun Turanci, kuma ba ta zauna wa Hausa daidai ba. Dalili kuwa, ginin jimlar ba ɗaya ba ne. A Turanci idan aka juya jimla aka sa abin da aka yi wa aiki a gaba, akwai gurbin da aka bari a ƙarshe wanda za a iya mayar da mai aikin a ciki idan an so. "An" ta Hausa ba ta bar wannan gurbin ba. Ita kanta ce ke zaune a mazaunin mai aikin, a daidai inda "na" ko "ya" ko "sun" za su zauna. Shi ya sa Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000 ya lissafa ta a matsayin mutum na huɗu, bayan mai magana da wanda ake yi wa magana da wanda ake magana a kansa. Wakilin suna ce cikakkiya, sai dai ba ta da fuska.

Kun ga ke nan, idan mutum ya ce "an amince da kasafin", ba za ka iya liƙa masa mai amincewar a wutsiya ba. Masu ƙoƙarin yin haka su ne ke rubuta "an amince da kasafin daga shugaba", wanda ba Hausa ba ce, fassarar Turanci ce aka yi kalma da kalma. Kuma ma'anar ma rikicewa take yi: kasafin ne ya fito daga shugaba, ko amincewar? Wasu kuma su ce "an amince ta hannun shugaba", alhali "ta hannun" ɗan aike take nunawa, wanda abu ya biyo ta wajensa, ba mai yanke hukunci ba. Hanyar Hausa ɗaya ce, a rushe jimlar a sake gina ta: "Shugaba ya amince da kasafin." Wato a Hausa ba a ɓoye mai aiki rabi da rabi. Ko dai a ambace shi, ko a shafe shi ɗungurungum.

To amma fa "an" ba laifi ba ce a karan kanta. Da ita muke gaisawa: an tashi lafiya, an zo lafiya? Da ita muke girmama wanda ba ma so mu ce masa "ka" kai tsaye. Da ita muke faɗin abin da ba hannun mutum ya yi ba, an yi ruwa, an yi masa rasuwa. Da ita muke faɗin abin da kowa ya san mai yinsa, ko wanda sanin mai yinsa bai ƙara komai ba: an buɗe makaranta, an ɗauke wuta. Wanda ya ce a kore ta, so yake a cire kunya da ladabi daga harshen, a bar mu da gatsali. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, a wane wuri ne rashin sunan yake jawo asara?

Bari mu ɗauki saƙo guda mu bi shi daki-daki. Na tsara shi ne don misali, amma wanda ya taɓa aikin makaranta zai ga kamar ya san shi. Jami'in jarrabawa ne ya rubuta wa shugaban makaranta, ya sa ma'aji da malaman aji huɗu a layin Cc:

"Assalamu alaikum. Na kammala rajistar ɗalibai 112, na kuma tura jerin sunayensu ranar Litinin kamar yadda aka tsara. Sai dai an samu kuskure a sunayen ɗalibai 9, saboda ba a tantance takardunsu ba kafin a shigar da su. Haka kuma rasit biyu sun ɓace. An yanke shawarar cewa za a biya kuɗin gyara. A tabbatar an kawo takardun haihuwar yaran kafin ranar Alhamis. Na gode."

Abu na farko da ido zai kama shi ne inda wakilin suna ya canza. A jimlar farko "na" ce har sau biyu: na kammala, na tura. Da aka zo kan ɓarna sai "na" ta yi layar zana, "an" ta karɓi aiki, ba ta sake dawowa ba sai wajen godiya. Wannan ita ce alama mafi sauƙin ganewa. Marubucin da ya fara da "an" ya ƙare da "an", mai yiwuwa salonsa ne ko kunyarsa. Amma wanda nasara take zuwa masa da "na", matsala kuma da "an", a cikin saƙo ɗaya, to ya san abin da yake yi, ko da bai zauna ya ƙudurta ba. Ku lura kuma "kamar yadda aka tsara" ba ta da aibi. Kowa a makarantar ya san tsarin, kuma babu abin da ya rataya a kan sanin wanda ya tsara.

Sai "an samu kuskure". Wannan ta fi "an yi kuskure" wayo. Wanda ya ce an yi kuskure ya yarda cewa wani ne ya yi, sunan kawai ya riƙe. Wanda ya ce an samu kuskure kuwa ya mayar da kuskuren tamkar tsintuwa, abin da aka tarar a hanya yana zaune. Aikatau na gaskiya, wato rubuta suna ba daidai ba, an dunƙule shi ya koma suna, sannan aka kawo "samu" ta riƙe shi. Haka ake yi da "an samu jinkiri", "an samu tsaiko", "an samu rashin fahimta", "an samu akasi". Duk inda ka ga "an samu" da sunan wata matsala a gabanta, akwai aikatau da aka binne a wurin.

"Rasit biyu sun ɓace" ta ma wuce nan, kuma ita ce masu farautar "an" ba sa gani, don babu "an" a cikinta. A duba waɗannan ukun:

Na ɓatar da rasit biyu.
An ɓatar da rasit biyu.
Rasit biyu sun ɓace.

A ta farko akwai mutum da sunansa. A ta biyu akwai mutum, ba suna. A ta uku babu mutum sam, rasit ne suka yi ƙafa suka tafi. Hausa tana da aikatau masu yawa irin wannan, waɗanda abin da ya lalace shi ne ke zama mai aikin: ya fashe, ya karye, ta zube, ya lalace, ya ƙone. Kowace uwa ta san bambancin "na fasa kofi" da "kofi ya fashe", kuma ta san wadda yaro ke zaɓa. Akwai kuma aikatau masu ƙarewa da wasalin "u", waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai a rabon aikatau da ya fitar a 1960: gyaru, buɗu, yiwu, auku, faru. Su ne mafi kusa da abin da Turanci ke yi idan ya juya jimla, kuma a imel suna da farin jini wajen ba da uzuri. Saƙon bai turu ba. Fayil ɗin bai buɗu ba. Zaman bai yiwu ba. Wani lokaci gaskiya ce tsantsa, an gwada turawa na'ura ta ƙi. Wani lokaci kuma "bai turu ba" na nufin "ban tura ba", kuma harafi biyu ne kacal suka raba su.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. A cikin saƙon nan akwai ɓoyo iri biyu, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ɓoyon wanda ya yi abin da ya wuce: an samu kuskure, ba a tantance ba, sun ɓace. Akwai kuma ɓoyon wanda zai yi abin da ke gaba: za a biya, a tabbatar an kawo. Yawancinmu na farkon ne ke ba mu haushi, don muna so mu san mai laifi. Amma na biyun ne ke kashe aiki.

"Za a biya kuɗin gyara." Wa zai biya? Makaranta daga asusunta? Iyayen yara tara? Jami'in da ya shigar da sunayen? Ma'aji yana cikin waɗanda aka tura wa saƙon, amma ba a ce masa ya fitar da ko sisi ba, don haka ba zai fitar ba, kuma yana da gaskiya. "A tabbatar an kawo takardun haihuwa kafin Alhamis." Mutum shida aka tura wa. Malamin aji zai ɗauka jami'in jarrabawa zai kira iyaye tunda shi ke da jerin sunayen. Jami'in zai ɗauka ai ya faɗa, malaman aji za su yi. Shugaba zai ɗauka sanar da shi kawai aka yi. Ranar Alhamis ta zo, babu takarda ko ɗaya, kuma babu wanda za a ce ya ƙi bin umarni, don ba a umarci kowa ba. A jimlar nan ɓoyon ma hawa biyu ne: ba a san mai tabbatarwa ba, ba a san mai kawowa ba.

Abin da ya sa "a" ta umarni ke yaudararmu shi ne, a baki tana aiki lafiya lau. Idan shugaba ya shigo ofis ya dubi masinja ya ce "a kawo fayil ɗin nan", ido ya riga ya faɗi sunan da baki ya sakaya. Ladabi ne, kuma babu ruɗani. Imel ba shi da ido. Da zarar masu karɓa sun wuce mutum ɗaya, "a kawo" ta zama jifa a kasuwa. Don haka ni a wurina, "za a" da "a" a saƙon da aka tura wa mutane da yawa, kuma aka sa wa'adi, kullum sun cancanci gyara. Ba sai an jira an ga ko abin zai lalace ba. Kuma gyaran ba ya zubar da mutuncin kowa, tunda ba laifi ake tambaya ba, aiki ake rabawa. Ana ma iya riƙe ladabin a ƙara suna kawai: "Malaman aji, don Allah a kira iyayen." Ga "a" tana nan, ga kuma wanda ake nufi.

"An yanke shawara" tana tsakiya. Abin da ya wuce ne, amma ikonsa yana aiki a gaba. Idan shugaba ne ya yanke, magana ta ƙare. Idan kwamiti ne, akwai rana da rubutaccen bayanin zama da za a iya dubawa. Idan kuwa jami'in ne shi kaɗai ya yanke ya sa mata rigar "an", to ya ari ikon da ba nasa ba. Wannan fuska ce ta "an" da ba a cika magana a kanta ba: ba laifi kaɗai take ɓoyewa ba, tana kuma kumbura ra'ayin mutum ɗaya ya yi kama da hukuncin hukuma. "An ga bai dace ba", "ana ganin ka cika jinkiri", "an ce a dakatar". Wanda aka yi wa hukunci da irin wannan jimla bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya nemi a sake dubawa ba. Tsohon salon wasiƙun gwamnati na "an umarce ni in sanar da kai" ya fi wannan dama, domin kan takardar da sa hannun suna nuna ofishin da umarnin ya fito. A imel tsakanin abokan aiki babu wannan madogara. Duk hukuncin da ya taɓa kuɗin mutum ko matsayinsa ko lokacinsa, yana da haƙƙin ya tambayi wanda ya yanke.

To saura na abin da ya wuce, "ba a tantance takardunsu ba". A nan ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan, don ba kowace "an" ta baya ce ake tonawa ba. Idan kuskuren ƙarami ne, an riga an gyara, kuma kowa a cikin gida ya san yadda aka yi, to matsa wa mutum sai ya rubuta "ni ne" a gaban mutum shida cin fuska ne kawai. Sau da yawa ma babba ne ke sa "an" don ya rufa wa na ƙasa da shi asiri: sabon ma'aikaci ya yi kuskure, shugabansa ya rubuta "an yi kuskure, mun gyara", ya ja shi gefe ya yi masa faɗa. Wannan "an" ta dattako ce, kuma wanda ya bi ta da "wa ya yi?" shi ne bai iya zama da mutane ba.

Amma a saƙonmu lamarin ya sha bamban, saboda wani dalili guda: zargin bai tsaya a iska ba, ya sauka a kan wasu. Yaran nan tara suna da malaman aji, kuma malaman suna cikin Cc. Shugaba yana karanta "ba a tantance takardunsu ba", zuciyarsa za ta tafi kan waɗanda suka tattara takardun. Idan a tsarin makarantar tantancewa aikin jami'in jarrabawa ne, to "ba a" ta ɗauke kaya daga kansa ta ɗora wa mutum huɗu da ba su ji ba ba su gani ba, ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Nan gyara ya wajaba. Haka batun rasit, domin kuɗi ne, kuma imel ajiya ce. Bayan wata shida mai binciken kuɗi zai buɗe saƙon nan, ba zai ga fuskar kowa ba, ba zai san abin da kowa ya sani a lokacin ba. Abin da zai gani shi ne rasit sun ɓace kuma akwai ma'aji a makarantar. Haka nan idan kuskuren ya maimaitu zango bayan zango, dole a san a hannun wa yake faruwa, in ba haka ba ba za a san inda za a toshe ba.

Da marubucin zai sake saƙon, ga yadda zai fi:

"Na kammala rajistar ɗalibai 112, na tura ranar Litinin. Sunayen 9 daga ciki sun fita da kuskure, domin na shigar da su kafin in gwada su da takardun haihuwa. Rasit biyu da na karɓa daga ofishin ma'aji ban gan su ba har yanzu, ina kan nema. Ranka ya daɗe, ina neman izininka makaranta ta biya kuɗin gyara. Malaman aji, ga sunayen yaran a haɗe, don Allah kowa ya kira iyayen na ajinsa su kawo mini takardun kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis."

Tsawonsu kusan ɗaya ne. Ba a yi dogon ban-haƙuri ba, ba a yi kuka ba. Kuma ku duba abin da ya faru da "an yanke shawara": da aka nemi mai yankewa sai ta koma roƙo, don dama ba a yanke komai ba. Idan kuma da gaske marubucin bai san wanda ya yi abu ba, sai ya faɗi haka a fili, "ban san a hannun wa rasit ɗin suka ɓace ba, ni dai ranar Laraba na gan su a ƙarshe." Wannan ya fi "sun ɓace" nesa ba kusa ba, don ya raba rashin sani da ƙin faɗa, abu biyun da "an" ke cakuɗawa.

Idan kai ne aka turo wa saƙon fa? Kada ka mayar da martani da darasin nahawu, kuma kada ka fara da "wa ya yi". Fara da na gaba, shi ne ba ya jawo faɗa: "Malam, don kada a samu saɓani, mu malaman aji ne za mu kira iyayen ko ofishinka? Kuɗin gyaran kuma daga ina za su fito?" Irin wannan tambaya a tura ta ga kowa da Reply all, tunda kowa na buƙatar amsar. Tambayar abin da ya wuce kuwa, a fara yin ta a keɓe, ko a waya ko ido da ido: "Malam, yadda aka rubuta batun tantancewar nan, shugaba zai iya ɗauka mu ne. Ko za ka ɗan fayyace?" Ka ba shi dama ya gyara da hannunsa, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. In ya ƙi, sannan ka rubuta naka a ƙarƙashin saƙon, ka faɗi abin da ka yi da ranar da ka yi shi kaɗai: "Na miƙa takardun ajina ranar 4 ga wata, ba a nemi in tantance su ba." Ka ga kai ma ka yi amfani da "ba a", kuma a nan ta yi maka amfani, ta wanke ka ba tare da ka nuna kowa da yatsa ba.

Shi kuma wanda zai aika gyaran saƙonsa, ya aika a ƙarƙashin saƙon farko, ga mutanen farko duka. Gyaran da aka tura wa malamin da ya yi ƙorafi shi kaɗai, aka bar shugaba da tsohon saƙo, bai gyara komai ba. Layi biyu sun isa: "Ƙarin bayani kan saƙona na ɗazu: tantance takardun aikin ofishina ne, ba na malaman aji ba."

Wani abu kuma, kada a ɗauka sauya "an" da "mun" ya warware matsala. "Mun yi kuskure" daga bakin shugaban da ke ɗaukar nauyin mutanensa magana ce mai kyau. Daga bakin wanda shi kaɗai ya yi kuskuren kuwa, raba laifi ne da waɗanda ba su ci ba. Ta wani ɓangaren ma ta fi "an" muni, don "an" ba ta ambaci kowa ba, "mun" kuwa ta jawo kowa ciki.

Tunda shafin nahawu ne, mu ƙara da ƙa'idar rubutu, don kusan duk imel ɗin da ke ɗauke da waɗannan kalmomi yana ɗauke da wannan kuskuren ma. "Za a" kalma biyu ce, haka "ba a", ba a haɗa su da alamar ɗauri. "Za'a" ba daidai ba ce. "Ba'a" kuwa kalma ce daban mai nufin zolaya, don haka wanda ya rubuta "ba'a biya ba" ya sako zolaya a maganar kuɗin mutane. Amma "aka", "ana", "ake" da "akan" ta sabo a haɗe suke, ita kuma "a kan" mai nufin bisa a rabe: akan yi taro a kan batun kowane wata.